Jabun Maganin Dabbobi da Abincin Kaji: A Bar Kallon Hoto, A Duba Lamba da Ɗinki

Duk wanda ya saba shiga kara ranar kasuwa, a Wudil ne ko Maigatari ko Potiskum, ya san yadda ake cinikin maganin shanu. Mai magani ya baza hajarsa a kan tabarma, makiyayi ya tsugunna ya ce a ba shi mai kan saniya, ko mai ruwan ɗorawa irin wanda ya saya bara. Da ya ga hoton da ya sani da launin da ya sani, ciniki ya faɗa. Haka mai kiwon kaji a cikin gari yake yi da buhun abinci: ya hango tambarin kamfani daga bakin shago, ya ce a ɗora masa goma a a-daidaita-sahu. Su duka biyun sun duba abu, ba a ce ba su duba ba. Matsalar ita ce sun duba daidai wurin da ɗan jabu ya fi ƙwarewa a kai.

Hoto da launi da sunan kamfani su ne mafi sauƙin kwaikwaya a jikin kaya. Mai injin ɗab'i mai kyau, in aka kai masa ƙunshi ɗaya na gaske, zai fitar da dubbai masu kama da shi, har da lambar rajistar hukumar NAFDAC, domin ita ma lambar rubutu ce kawai, ana iya kwafe ta. Wanda ma bai son wahalar ɗab'i sai ya bi gonaki yana sayen buhunan gaske da aka juye. Don haka ra'ayina shi ne mu sauya inda muke kai ido. Kama da wane ba ta wane, kuma inda kamar take ƙarewa shi ne a aikin da masana'anta ke yi ranar ɗura kaya: buga lamba, liƙe baki, ɗinki, da awo.

Kowane kwali ko ƙunshi ko buhu na kamfanin gaske bugu biyu ne a jikinsa. Bugu na farko shi ne zane da suna da bayanin yadda ake amfani, wanda ake bugawa da yawa a ajiye, ba ya sauyawa wata da watanni. Bugu na biyu ana yin sa ne ranar da aka ɗura maganin: lambar rukuni, ranar yi, da ranar ƙarewar wa'adi, waɗanda galibi za ka gan su kusa da haruffan BN da MFG da EXP. Tun da kullum sauyawa suke, wani inji daban ke buga su. Wani yana fesa tawada ɗigo-ɗigo, in ka kusanto da ido za ka ga kowane harafi tarin ƙananan ɗigogi ne. Wani kuma danna lambar yake a gefen ƙunshin, ba tawada, sai dai ka ji tudunta da yatsa. Ɗan jabu mai gaggawa yakan haɗa bugu biyun a ɗaya, ya buga lambar rukuni tare da hoton saniya da tawada guda. Sakamakon haka lambarsa ba ta motsi. Ka saya a watan Muharram, ka koma a watan Rajab, a wata kasuwar ma, ka tarar lamba ɗaya ce da rana ɗaya.

Akwai ƙananan kamfanonin gaske da ke buga lambar tare da takardar jikin kwalba, saboda haka wannan ba hukunci ba ne shi kaɗai. Shi ya sa ginshiƙin duk wannan aiki shi ne abin kwatance. Ka sami ƙunshi ɗaya, ko kwalba ɗaya, ko buhu ɗaya, daga hannun babban dilan da kamfanin ya amince da shi ko daga asibitin dabbobi, ka ajiye fankonsa, ka ɗauki hotonsa gaba da baya a waya. Ido ba ya riƙe kaurin harafi ko faɗin liƙi, amma in aka jera biyu kusa da kusa, ko yaro zai nuna maka bambanci.

Bari mu ɗauki maganin sammore, domin shi ne ya fi yawo a hannun makiyaya, musamman masu gangarawa kudu da rani inda ƙudan tsando yake. Wanda aka fi sani shi ne diminazin, wanda jama'a suka saba kira da sunan Berenil ko da wani kamfani ne ya yi shi. Ƙaramin ƙunshinsa giram 2.36 ne na tsaki-tsakin gari mai launin ɗorawa, amma ainihin maganin da ke ciki giram 1.05 ne, sauran mahaɗi ne. Ana narka shi a ruwa mai tsabta sisi 12.5, ya ba da sisi 15, kuma wannan shi ne awon sa mai kilo 300, wato miligiram uku da rabi ga kowane kilo. Babban ƙunshin ninki goma ne, giram 23.6.

To ga makiyayi da ƙunshi biyu a hannu, na kwatance da wanda ake tallata masa. Farkon abin da zai duba shi ne gefen da aka liƙe. Injin masana'anta yana matse baki da ƙarfe mai zafi mai zane, sai ya bar sawu irin na saƙa ko layuka a jere, faɗinsa ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙaramin injin hannu, irin na masu ƙulla kayan miya a leda, siririn layi yake bari mai santsi, wani wurin ya ƙone wani wurin bai kama ba. In gefe uku suna da sawun saƙa, na huɗu kuma santsi ne, an buɗe ƙunshin nan an sake rufewa. Sai ya matsa ƙunshin a hankali, ya kaɗa shi kusa da kunne. Na lafiya yana motsi kamar yashi busasshe. In ya dunƙule, iska da laima sun shiga, ko da kuwa asalinsa na gaske ne.

Daga nan sai lambobi. Lambar rukunin da ke jikin ƙunshi dole ta zama ita ce ke jikin kwalin da aka ciro shi. Mai kaya ya ce kwalin ya yage ya yar, wannan ma amsa ce. Sai a lissafa tazarar da ke tsakanin ranar yi da ranar ƙarewa. Kamfani ɗaya, magani ɗaya, tazarar ba ta sauyawa haka kawai, in na kwatance shekara uku ne wannan kuma biyar, akwai magana. Irin wannan yakan fito ne daga masu tsawaita wa'adi, waɗanda ke goge tsohuwar rana da sinadarin goge fenti su buga sabuwa. Karkata ƙunshin ga hasken rana. Inda aka goge sheƙinsa yakan dushe, ya zama wani fili daban da kewayensa, wani lokaci har inuwar tsohuwar lamba tana leƙowa. Takardar da aka manna a kan wurin rana kuwa, ba sai an tsaya dogon bincike ba.

Mai sayen kwali guda yana da wata dabarar da ta fi waɗannan, wato sikeli. Ƙaramin sikelin masu sayar da zinare ya isa. A ɗora ƙunshi goma ɗaya bayan ɗaya. Injin ɗuri ba ya yin cikas mai yawa, nauyinsu zai zo kusa da juna, kuma kusa da na kwatance. Wanda aka ɗura da cokali a bayan shago, wani zai yi nauyi wani ya yi sakayau. In an zo narkawa, na gaske yana narkewa tas bayan an girgiza, ruwan ya fito garau mai launin ɗorawa. Duk wanda ya bar laka a gindin kwalba, kada a ja shi a sirinji.

Me ya sa duk wannan wahala a kan ƙaramin ƙunshi? A ce wanda aka sayar wa makiyayin rabin magani ne a ciki, an cike sauran da gari mai launi. San nan mai kilo 300 zai sami ƙasa da miligiram biyu ga kowane kilo maimakon uku da rabi. Wannan awon yana iya rage ƙwayoyin cutar a jini ba tare da ya ƙarar da su ba. Zazzaɓi ya sauka, sa ya koma kiwo, mai shi ya yi hamdala har ya nuna wa 'yan'uwansa inda ya saya. Bayan 'yan makonni rama ta dawo, hawaye na zuba, gashi ya tashi, cikin fatar ido ya yi fari saboda ƙarancin jini. Waɗanda suka tsira daga cikin ƙwayoyin kuwa su ne masu taurin kai, su ne tsando zai kwasa ya kai wa sauran garke. A haka magani na gaske ma yake daina aiki a yanki guda. Maganin da ba komai a cikinsa saniya ɗaya yake cuta, mai rabi-rabi kuwa har garken maƙwabci yana shafa. Adalci dai shi ne a faɗi cewa dawowar sammore ba kullum laifin magani ba ne. Da yawa kintatar nauyin dabba suke da ido su rage, wasu su raba ƙunshi ɗaya wa shanu biyu, wata dabbar kuma sabon cizo ta samu. Shi ya sa ajiye fankon ƙunshi yake da amfani, shi ne zai taimaka wa likita ya rarrabe.

Kwalbar allura ba ta buƙatar dogon bayani, ƙa'idar ɗaya ce. Bakinta roba ne, an ɗaure shi da zoben alminiyam, sau da yawa da ɗan murfin roba mai launi a sama wanda in ya ɓalle ba ya komawa. Zoben da inji ya naɗe yana kwanciya sumul a ƙarƙashin leɓen kwalba. In ya yi tamoji-tamoji kamar an matse da filaya, ko yana juyawa sakwaf a hannu, ko ka ga alamar gam a ƙarƙashin murfin, ko hudar allura a jikin robar, an taɓa shi. Jera kwalabe biyar a kan tebur ka dubi inda ruwan ya tsaya, ya kamata su yi kai ɗaya. A maganin oksitetrasaikilin, wanda makiyaya ke kira ele, a lura da lambar ƙarfinsa. Mai kashi 20 cikin ɗari shi ne ake yi sisi ɗaya ga kilo goma. Akwai mai kashi 5, kuma shi ma halattaccen magani ne, amma in aka ɗura shi a kwalbar mai 20, dabba ta sami rubu'in abin da take buƙata ke nan. Mai 20 ya fi kauri, in ka kifa kwalbar za ka ga kumfar iska tana hawa a hankali, ba kamar a ruwa ba. Nan ma sai da ta kwatance a gefe.

Buhun abincin kaji shi ne inda hankalina ya fi tashi, domin a nan ɗan jabu ba ya buga komai. Buhun na gaske ne, tambarin na gaske ne, lambar rajista ta gaske ce. Abin da ke ciki ne kawai ba na kamfanin ba: an farke, an ɗebi na kirki, an cike da dusa da ɓuntun shinkafa, ko kuma an haɗa wani abin a gida an ɗura gaba ɗaya. Saboda haka duk shaidar tana bakin buhu.

Ɗinkin masana'anta yana tafiya miƙe, tazararsa daga leɓen buhu iri ɗaya ce a kowane buhu, tsawon kowane taku na zare ɗaya ne, domin buhun a kan bel yake tafiya, injin yana tsaye. Mai ɗinki da injin hannu shi ne yake tafiya, buhun yana tsaye, shi ya sa layinsa yakan yi lanƙwasa, ya hau ya sauka. Juya bakin buhun ka dubi bayan ɗinkin, ka ƙirga ko zare ɗaya ne ko biyu, da launinsu, ka gwada da na kwatance. Sannan ka buɗe saƙar buhun da yatsu a saman ɗinkin da ƙasansa. Allurar farko ba ta yafiya, tana barin jerin huji, kuma a buhu mai rufin leda mai sheƙi hujin nan ba ya ɓoyuwa. Masu wayo sukan yanke tsohon bakin gaba ɗaya. To wannan buhun zai fi ɗan'uwansa gajarta, tambarin ya matso kusa da ɗinki, leɓen kuma ya riƙa zarewa saboda almakashi ne ya yanka shi. Kamfanonin da ke saka 'yar takarda a bakin buhu, mai ɗauke da irin abincin da lambar rukuni da rana, tare da buhun suke ɗinke ta. Jerin huji biyu a jikinta yana nufin sau biyu ta shiga ƙarƙashin allura. Ƙara da duban jikin buhun kansa. Abincin da takardarsa ta ce an yi shi makon jiya ba zai zo a buhun da ya koɗe, ya karye a wuraren ninki ba.

Sai awo. Buhu kilo 25 ne, kuma duk mai kaji ɗari ya kamata ya mallaki sikelin rataye. Dusa da ɓuntu ba su da nauyi, don haka buhun da aka cika da su ko dai ya gaza a sikeli, ko ya kumbura fiye da saura, ko a ƙara masa yashi ya cike. Gwajin gida mai sauƙi ne: zuba tafin hannu ɗaya a kofin gilashi mai ruwa, ka motsa, ka bar shi ya kwanta. Ɓuntu zai taso sama, mai nauyi ya sauka ƙasa. Amma a yi hattara, abincin kaji masu ƙwai dole a sami ɗan tsakuwar farar ƙasa ko garin ɓawon kawa a gindinsa, domin da shi kaza ke gina ɓawon ƙwai. Tsiyaye ruwan ka matsa lemon tsami a kan abin da ya kwanta. Farar ƙasa za ta yi kumfa, yashi ba zai ce komai ba.

Ga yadda asarar take. Mai kaji 500 masu ƙwai, kowace tana cin kimanin giram 120 a rana, yana juye kilo 60 ke nan kullum. Abincin kirki yana da furotin wajen kashi 16 cikin ɗari, da kalsiyam wajen kashi uku da rabi, wato kaza tana samun kusan giram huɗu na kalsiyam a rana, abin da take buƙata. In an maye rubu'in buhun da ɓuntu, furotin zai sauko zuwa wajen kashi 13, kalsiyam ya koma kusan giram uku. Kajin za su ƙara ci suna neman abin da babu, ƙwai ya ƙanƙance, ɓawo ya yi laushi yana fashewa a kiret, kafin mako biyu adadin ya faɗi. Abin takaici, mai kajin yakan ɗauka cuta ce ta shigo, ya koma kasuwa ya sayo magani ya zuba a ruwan sha, alhali ciwon yana cikin buhu.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan ilimi, don kada wani ya ɗauka ya zama ɗakin gwaji. Duban ƙunshi yana iya kama mai laifi, amma ba ya wanke kowa. Akwai maganin da ya fito daga masana'anta ta gaske, da liƙi mai kyau da lamba mai kyau, amma abin da ke ciki bai kai awo ba, ko zafin rana ya kashe shi a hanya. Wani bincike da aka buga a 2016 kan magungunan sammore a arewacin Togo ya gano kimanin huɗu cikin goma ba su cika ƙa'ida ba. A kasuwannin bayan fage abin ya haura rabi, amma ko a wuraren da hukuma ta amince da su ɗaya cikin huɗu ne. Ƙudan da ke can shi ne a nan, kuma magungunan iri ɗaya ne suke ƙetare iyakokinmu. Haka ita ma lambar NAFDAC. Ana iya shiga greenbook.nafdac.gov.ng a rubuta lambar ko sunan maganin, a ga ko sunan da ya fito da kamfanin da ƙarfin maganin sun dace da abin da ke hannu. In lambar ta fito da sunan wani kaya daban, an kama ɓarawo. In ta dace, abin da aka tabbatar kawai shi ne akwai irin wannan maganin a rajista, ba wai wannan ƙunshin ne ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wani ɓangare na tsagar nan mu masu kiwo ne. Mu ne muke tara fankon buhu mu sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi, mu zubar da kwalabe da takardunsu lafiya lau a bola. Ba na cewa a ƙone buhu, yana da amfani wajen zuba taki da hatsi. Amma kafin ya fita daga gona a cire takardar bakinsa, a ja wuƙa a kan tambarin ko a shafa masa fenti. Kwalba kuma a kankare takardarta, a ɓalle zoben, a binne ta.

Kamfanoni su ma suna da nasu. Sukan sauya zanen buhu ko launin zare ba tare da sun sanar da kowa ba, sai mai gaskiya ya rikice, ɗan jabu ya fake da cewa sabon fita ne. Me zai hana kowane kamfani ya manna babban hoto a shagon kowane dilansa, mai nuna bakin buhu da bayan ɗinki da wurin lamba, da bayani cikin Hausa da Fulatanci, da boko da ajami? Ita kuma hukumar NAFDAC, wadda take da sashe na musamman kan magungunan dabbobi, aikinta ba zai kai ga makiyayi ba muddin ya tsaya a tashar jiragen ruwa da manyan shagunan birni. Maganin shanu a kasuwar mako ake sayar da shi, can ya kamata a riƙa ɗibar samfur ana kai wa gwaji, a kuma sanar da lambobin rukunin da suka faɗi ta rediyo, inda makiyayi zai ji.

Kafin a kai can, akwai abin da kowa zai iya farawa a ciniki na gaba, wato ya sa mai kaya ya rubuta lambar rukuni a kan rasit. Mai kayan gaskiya ba zai ƙi ba, shi ma kariya ce gare shi a wurin wanda ya sayar masa. In kuma kaya suka ba da shakka, kada a juye duka, kada a mayar wa mai shago a karɓi canji a yi shiru, domin gobe wani za a sayar wa. A ajiye ɗaya da ba a buɗe ba a inuwa, a haɗa da rasit ɗin da na kwatance, a kai wa likitan dabbobi na yanki ko ofishin NAFDAC na jiha. Wanda ba a buɗe ba shi ne ɗakin gwaji zai iya aunawa ba tare da an ce mai ƙara ne ya gurɓata shi ba, lambar da ke rasit kuma ita za a bi daga shago zuwa dila, daga dila zuwa inda aka ɗura.